Sara a Bakin Matasa: Nazarin Muhawarar Abokai Biyu kan Lafiyar Harshen Hausa

Gabatarwa

Kalmar sara, a ma'anar da masana walwalar harshe suke amfani da ita, tana nufin kalma ko salon magana da wani rukuni na jama'a, galibi matasa, yake ƙirƙira ko yake karkatar da ma'anarsa, ya yi tashe na wani lokaci, daga nan kuma ko dai ya dushe ko ya sami gindin zama a bakin kowa. Walwalar harshe kuwa ita ce fannin da yake nazarin yadda magana take sauyawa gwargwadon mai yin ta, da wanda ake yi wa ita, da wurin da ake yin ta. Sara ta bambanta da karin harshe, wato bambancin da ke tsakanin Kananci da Sakkwatanci ko Katsinanci, domin shi karin harshe gado ne na yanki wanda yaro da tsoho suka yi tarayya a kansa. Ta kuma bambanta da zaurance, wanda dabara ce ta cusa wasu gaɓoɓi a cikin kalma ko juya su domin a ɓoye zance ga wanda ba a so ya ji.

Wannan takarda ta ɗauki wata muhawara tsakanin abokai biyu ta mayar da ita abin nazari. Muhawarar tsararriya ce, an gina ta daga irin hujjojin da ake ji a majalisun hira da ɗakunan malamai da shirye-shiryen rediyo, an kuma sanya su a bakin mutum biyu da suka tashi a unguwa ɗaya a birnin Kano: ɗaya malamin Hausa ne a makarantar sakandare, ɗaya kuma ɗan kasuwa ne mai shagon wayoyi, wanda yake wuni tare da samari tun safe har magariba. Malamin yana ganin sara tana rusa Hausa, ɗan kasuwar yana ganin ita ce take ciyar da ita. Abin da takardar take son nunawa shi ne cewa yawancin gardamar tasu ta samo asali ne daga tara abubuwa mabambanta da suka yi a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma da zarar an rarrabe waɗannan abubuwa aka auna kowanne da ma'aunin nahawu, sai a ga inda kowannensu ya yi gaskiya da inda ya zarce gona da iri.

Matsayin kowannensu

Malamin ne ya fara ɗora ƙararsa, kuma a kan takardun jarrabawa ya kafa ta. Ya ce: "Alhaji, kai ba ka duba insha'in yaran nan ba ne. A ce wa yaro ya siffanta bikin Sallah, sai ya rubuta cewa Sarki ya ɗau wanka, dawakai sun haɗu, bayan an gama kowa ya ware. Wannan ita ce Hausar da za a bar wa na baya?" Ɗan kasuwar ya amsa masa da dariya, ya ce: "Malam, to wace kalma ce a ciki ba Hausa ba? Wanka Turanci ne, ko haɗuwa, ko warewa? Yaron nan bai ari komai a wajen kowa ba, kayan gidansu ya ɗauka ya yi ado da su."

Wannan musayar ta farko ta ƙunshi kusan dukkan matsalar. Malamin ya kafa hujjarsa a kan daidaitacciyar Hausa, wato nau'in Hausar da aka zaɓa domin rubutu da koyarwa da watsa labarai, wadda aka gina galibi a kan Kananci. Wannan nau'i yana da tarihi sananne: Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, Bargery ya wallafa babban ƙamusunsa a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, aka kafa Hukumar Hausa a 1955, sannan aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 domin kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Aikin da aka yi shekara da shekaru ana yi ke nan, kuma ba abin mamaki ba ne wanda aka ɗora wa nauyin koyar da shi ya ji zafi idan ya ga ana tattaka shi. Sai dai daidaitacciyar Hausa nau'i ɗaya ce daga cikin nau'o'in harshen, ba ita ce harshen gaba ɗaya ba, kuma a nan ne ɗan kasuwar ya sami ƙofar shiga.

Sarar da aka ƙera da kayan gida

Kalmar haɗu ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce misali mafi bayyana na abin da ake kira faɗaɗa ma'ana, wato a ɗauki kalmar da harshe ya riga ya mallaka a ɗora mata sabon aiki ba tare da an taɓa siffarta ba. Tun daga aikin F. W. Parsons na 1960 ake karkasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai, gwargwadon wasalin da suka ƙare da shi da kuma karin sautinsu, kuma aji na bakwai shi ne mai ƙarewa da wasalin u, irin su dafu da gyaru da ɗauru. Ma'anar wannan aji ita ce aikin ya auku a kan abin da ake magana, kuma ya auku sosai har ya kai maƙura: idan aka ce nama ya dafu, ba a nufin an ɗora shi a wuta kawai, ana nufin ya nuna yadda ake so, idan aka ce mota ta gyaru, ana nufin gyaran ya yi kyau. To, saiwar da ta ba da haɗa, wato tara sassa wuri ɗaya, ita ce ta ba da haɗu, kuma abin da aka haɗa sassansa yadda ya kamata har babu abin da ya rage, shi ne abin da ya haɗu. Saboda haka saurayin da ya dubi mota ya ce ta haɗu bai karya wata ƙa'ida ba, ya bi ma'anar ajin ne har ƙarshenta, ko da kuwa bai taɓa jin sunan Parsons ba.

Shaida ta biyu ita ce kalmar ta ci gaba da haihuwa bisa tsarin Hausa. Kamar yadda dafa ta ba da dafaffe da dafaffiya da dafaffu, haka ake jin haɗaɗɗen gida da haɗaɗɗiyar mota da haɗaɗɗun kaya, jinsi da adadi duk sun zauna daidai, babu inda aka yi tuntuɓe. Haka abin yake ga ɗaukar wanka, inda aka kira kwalliya da sunan abin da yake gabatarta, da kuma warewa, inda fita daga cikin taro ta zama tafiya baki ɗaya. Wannan hanya ce da Hausa ta daɗe tana bi, domin da ita aka sami cin hanci da jan kunne da ɗaurin gindi, waɗanda babu mai kiransu sara a yau, alhali kuwa babu ɗaya daga cikinsu da yake nufin abin da kalmominsa suke faɗa a zahiri.

Da ɗan kasuwar ya kawo wannan hujja, da tasa Hausar ta kasuwa, malamin bai musa ba, amma ya sauya wurin tsayuwa. Ya ce: "Nahawun yaron lafiya lau yake, an yarda. Amma Sarki ba ya ɗaukar wanka, Alhaji. Sarki yana yin shiga, yana naɗi, yana hawa. Yaron da bai san wannan ba, akwai abin da ya ɓace masa." Wannan magana ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma za a koma kanta, amma ya kamata a lura cewa daga wannan gaɓa malamin ya daina cewa kalmar gurɓatacciya ce, ya koma cewa an ajiye ta a inda ba muhallinta ba.

Kalmomi biyu da suka tsallake

Hujjar da ɗan kasuwar ya fi taƙama da ita ita ce ta kalmomin da suka faro daga bakin titi suka ƙare a labaran rediyo. Ta farko ita ce tazarce. Asalinta jimla ce cikakkiya, ta zarce, mai wakilin suna da aikatau, wadda ta zama take a bakin masu goyon bayan Janar Sani Abacha lokacin da ake neman ya ci gaba da mulki a rigar farar hula, har jam'iyyu biyar na lokacin suka tsayar da shi ɗan takararsu a 1998, kafin rasuwarsa a watan Yuni na wannan shekara. Mai taken ya tafi, amma kalmar ta zauna, ta dunƙule ta zama suna guda mai nufin yunƙurin shugaba na wuce wa'adinsa ko neman wani wa'adin. Da ita aka kira yunƙurin wa'adi na uku na zamanin Obasanjo a 2006, kuma da ta ƙetara iyaka ta zama sunan rikicin siyasar Nijar na 2009, lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya shirya ƙuri'ar raba gardama domin ya tsawaita mulkinsa, abin da ya kai ga juyin mulkin watan Fabrairu na 2010. A yau mai fassara labarai da ya so kauce wa wannan kalma sai ya yi doguwar jimla kafin ya faɗi abin da ita take faɗa da gaɓa uku.

Ta biyu ita ce adaidaita sahu. Asalinta umarni ne da ake ji a masallaci kafin a tayar da salla, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, ta ɗauke shi ta sanya wa shirinta na gyaran tarbiyya, aka kuma kawo babura masu ƙafa uku domin sauƙaƙa wa mata sufuri a wancan zamani. Jama'ar gari suka cire sunan daga kan shirin suka liƙa wa babur ɗin, kuma bayan an hana ɗaukar fasinja a acaɓa a Kano a 2013, babur ɗin ya cika gari, sunan ya bi shi. Daga baya aka gutsure shi ya koma adaidaita, direbansa ya zama ɗan adaidaita ko ɗan sahu. Babu wata hukuma da ta zauna ta zartar da wannan suna, kuma da an ba kwamiti aikin, mai yiwuwa da abin da zai fito ya fi tsawo ya kuma kasa kama baki.

Dukkan kalmomin biyu sun bi wata tsohuwar hanya ta ƙirar kalma a Hausa, wato harɗaɗɗen suna, inda ake ɗaukar jimla ko yankin jimla a mayar da shi suna, kamar yadda aka sami faɗi-tashi da ka-ce-na-ce da a-ci-balbal. Malamin ya yarda da wannan, amma ya kawo wani gyara mai ma'ana, cewa ɗan kasuwar yana ƙirga waɗanda suka rayu ne ya manta da gawawwaki, domin a kan kowace kalma ɗaya da ta tsallake akwai tarin waɗanda suka yi tashe na shekara ɗaya ko biyu suka mutu. Gyaran gaskiya ne, sai dai ba ya taimakon ƙararsa, domin kalmar da ta mutu ba ta ɓata komai ba, kuma abin da ya tace tazarce daga cikin sauran shi ne ta toshe wani gurbi da harshen yake da shi.

Aro, da abin da ya yi kama da aro

A nan ne muhawarar ta yi zafi, kuma a nan ne rarrabewa ta fi zama dole. Malamin ya kawo jimloli irin su "zan yi kolin ɗinka" da "ta yi misin ɗinsa", ya ce idan wannan ce wadatar da ake magana, to talauci ya fi ta. Ɗan kasuwar ya mayar masa da cewa Hausa ba ta taɓa rayuwa ba tare da aro ba: littafi da alƙalami daga Larabci suke, kasuwa da galadima ta hanyar Barebari suka shigo, kawu da gwaggo na Fulani ne, akawu da agogo na Yarabawa, tebur da asibiti na Turawa, kuma a Nijar an ari irinsu daga Faransanci. Ya ƙara da cewa: "Malam, ko ashirin da talatin da kake koya wa yara ai baƙi ne. Kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku suke cewa."

Duk abin da ya lissafa daidai ne, amma ya haɗa abu biyu da ba su zama ɗaya ba, kuma misali daga cikin shagonsa ya isa ya raba su. Kalmar caji daga Turanci ta zo, ta shigo a matsayin suna, aka ƙara mata wasali a ƙarshe domin ta dace da tsarin gaɓar Hausa. To, a Hausa akwai ƙa'idar da ake kira ganɗantawa, wato wasu baƙaƙe suna sauya furuci idan wasalin i ko e ya biyo bayansu, ta yadda t takan koma c, s ta koma sh, z kuma ta koma j. Shi ya sa mota ta ba da motoci, ƙasa ta ba da ƙasashe, kaza ta ba da kaji. Da kunnen Bahaushe ya ji caji, sai ya ɗauki j ɗin nan a matsayin z da aka ganɗanta, ya koma baya ya ƙera aikatau ɗin da babu shi a harshen da aka aro kalmar, wato caza, har ake cewa an caza waya, ko tambaya ta caza masa ƙwaƙwalwa. Haka aka yi wa canji tun da daɗewa aka sami canza, wadda a yau take gogayya da sauya ba tare da kowa ya tuna baƙuwa ba ce. Wannan shi ne hausantarwa, wato kalma ta shigo ta miƙa wuya ga tsarin sauti da ƙirar kalma na masu masaukinta, kuma harshen da yake iya yi wa baƙo haka ba mai jinya ba ne.

Jimlar "zan yi kolin ɗinka" kuwa wani abu ne daban, shi ne abin da aka fi sani da Ingausa, wato cakuɗa Ingilishi da Hausa a cikin zance ɗaya. Alamominta a bayyane suke. Kalmar baƙuwa ba ta shiga kowane aji na aikatau ba, an jingina ta ne da yi domin ta iya tsayuwa. Ta zo da ɗafinta na Turanci a maƙale. An kuma nemo ɗin an sanya tsakaninta da wakilin suna, wanda shi ne abin da Hausa takan yi wa kalmar da ta ƙi karɓar ɗafin mallaka kai tsaye. Babban abin lura shi ne babu wani gurbi da ta toshe, domin kira da kewa suna nan da ransu, kuma "zan kira ka" ta fi gajarta. Caji ta kawo sunan abin da babu shi a da. Kolin ta zo ne ta zauna a kujerar mai gida.

Daga wannan ana iya fitar da ma'aunin da malami ko edita zai yi aiki da shi idan sabuwar kalma ta zo gabansa. Zai duba ko ta karɓi jinsi da jam'i irin na Hausa, kamar yadda waya ta zama mace ta ba da wayoyi. Ko tana iya haihuwar wasu kalmomi. Ko wanda bai yi boko ba yana furta ta ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Sannan ko ta zo da sabuwar ma'ana ko kuwa ta kori wata kalma ce kawai. Ma'aunin yana da iyaka, domin ba ya hango gaba: kalma tana iya faɗuwa a yau ta ci gobe, kamar yadda ashirin ta kori gomiya biyu ba tare da ta kawo wata sabuwar ma'ana ba, kuma babu mai kuka da ita yanzu. Amma wannan misali, wanda ɗan kasuwar ya kawo domin kare kansa, takobi ne mai kaifi biyu, domin ya tabbatar da cewa kalmar gida tana iya mutuwa idan baƙuwa ta daɗe a kujerarta. Wanda ya saurari yadda samari da yawa a birane suke faɗin lambar waya ko farashin kaya, zai ji cewa ƙidayar Turanci ce take fara zuwa bakinsu, kuma wannan ya fi kowace sara cancantar damuwar malamin.

Inda malamin ya yi gaskiya

Akwai ƙorafi biyu na malamin da ma'aunin nahawu ba ya iya kawar da su. Na farko ya shafi sarar 'yan daba da mashaya, inda ake kiran buguwa caji, ake kiran damfara wanki, wanda aka damfara kuma a kira shi gara. Malamin ya ce irin waɗannan kalmomi suna wanke wa mugun aiki fuska, domin yaron da zai ji kunyar a ce ya yi zamba ba ya jin kunyar a ce ya wanke gara, har ma yana iya yin alfahari da hakan. Ɗan kasuwar ya amsa cewa kalmar ba ita ta kawo ƙwaya unguwa ba, ƙwayar ce ta kawo kalmar, kuma ko an hana faɗinta abin da take nufi yana nan. Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta share ƙorafin duka ba, domin sakaya suna yana rage nauyin abu a zuciya, kuma Hausa da kanta ta san haka tun da ta kira rashawa na goro. Abin da za a iya cewa shi ne wannan matsala ce ta tarbiyya wadda ta bayyana a harshe, ba cuta ce ta harshen ba.

Ƙorafi na biyu shi ne wanda ya taso tun a kan Sarkin da ya ɗau wanka, kuma shi ne mafi nauyi a cikin muhawarar baki ɗaya. Hausa tana da matakan magana da suka danganci matsayi da shekaru da wuri: akwai Hausar fada mai ranka ya daɗe da Allah ya ja zamaninka, akwai ta zauren malamai mai Allah gafarta malam, akwai ta gaban surukai inda ake sakaya suna a yi magana da jam'i, akwai ta gidan makoki, akwai kuma ta majalisar abokai inda sara take da cikakken 'yanci. Ƙwarewa a harshe ita ce mutum ya mallaki waɗannan matakai ya san lokacin hawa da sauka a tsakaninsu. Saurayin da ya iya ce wa abokinsa "ya ne, baba?" sannan ya juya ya durƙusa ya gaida mahaifin abokin da cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gajiya da iyali da sanyi, sara ta ƙara masa ne, ba ta rage shi da komai ba. Wanda ba shi da wata Hausa sai ta majalisa, shi ne ya yi asara, kuma asarar tasa ba ta zo daga abin da ya koya a titi ba, ta zo daga abin da ba a koya masa a gida da makaranta ba. Shi kansa ɗan kasuwar ya tabbatar da haka ba da niyya ba, lokacin da ya ce yaran shagonsa sun san ba a yi wa dattijo irin maganar da ake yi wa saurayi, domin wanda ya yi haka ciniki zai kuɓuce masa.

Akwai kuma wani abu da malamin ya jefa cikin kwandon sara alhali ba nan ne wurinsa ba, wato rubutun waya. Abin da ake gani a allo irin su slm da ngd da xan taƙaitawa ce ta yatsa, ba ta baki ba, kuma illarta tana bayyana ne idan ta bi ɗalibi zuwa takardar jarrabawa. Mafi muni shi ne zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, domin ita ce take raba ƙafa da kafa, da baƙi da baki, sai kuma rikita raba kalma da haɗe ta, inda ba ta da ɓata suke komawa abu ɗaya a rubuce. Wannan rauni ne na koyar da ƙa'idojin rubutu, yana kuma samun manya masu digiri kamar yadda yake samun samarin tasha, saboda haka ɗora laifinsa a kan sara yana kawar da ido daga inda gyaran yake.

Hukunci

Abokan biyu ba su tashi da matsaya ɗaya ba, kuma ba a tsara muhawarar domin ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Ɗan kasuwar ya ci gaba da ganin malamin yana tsoron inuwa, malamin kuma ya ci gaba da cewa wanda ba ya duba takardun yara ba zai gane zafin abin ba. Amma idan aka bi hujjojin da kansu, hukuncin bai rabu biyu daidai ba. A kan sarar da aka ƙera da kayan gida, da aron da ya hausance, ɗan kasuwar ne yake da gaskiya, kuma shaidar tana cikin nahawun da malamin yake koyarwa. A kan Ingausar da take korar kalmomin da suke raye, da taƙaicewar matakan magana a bakin wasu matasa, malamin ne yake da gaskiya, sai dai ya kama wanda ba shi ne ɓarawon ba.

Abin da ya rage aiki ne na masu wannan fanni. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, kuma tun daga lokacin bakin titi bai huta ba. Ya dace sassan koyar da harsunan Nijeriya da cibiyoyin nazarin Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su riƙa tattara sara a kai a kai, suna rubuta kowace kalma da garin da aka ji ta da shekarar da aka ji ta da rukunin da yake faɗinta, domin mai nazari na gaba ya san wadda ta rayu da wadda ta mutu da dalilin kowacce. Su kuma malaman sakandare, maimakon jan layi da jan biro a ƙarƙashin "Sarki ya ɗau wanka" a wuce, ya fi amfani a sa ɗalibin ya sake faɗin jimlar sau uku: yadda zai faɗa wa abokinsa, yadda zai faɗa wa kakansa, da yadda zai rubuta ta a jarida.